Farantin Jinin Tunkiya: Yadda Ɗakin Gwaji Ke Ware Ƙwayar Cuta Daga Cikin Taro

Wanda likita ya taɓa turawa ɗakin gwaji a yi masa abin da ake kira "kalca" ya san amsar da ake bayarwa a taga: ka dawo jibi. Mutane da yawa kan ɗauka jan rai ne, tunda gwajin maleriya ko na ciki kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya fito. Amma kalca wani aiki ne dabam. Ba duba jini ko fitsari kawai ake yi ba, shuka ƙwayar ake yi a jira ta tsiro, kuma abu mai rai ba ya girma sai lokacinsa ya yi.

Wuyar aikin ma ba a tsirowar take ba. Maƙogwaron mai lafiya cike yake da bakteriya iri-iri, haka fatarsa, haka hanjinsa, kuma mafi yawansu zaman lafiya suke yi da jiki. Idan aka goga tsinken auduga a maƙogwaron yaro mai zazzaɓi, duk da su za a kwaso. Mai laifin, in ma yana nan, ɗaya ne a cikin taro, kuma a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu kamarsa ɗaya da maƙwabtansa, dukkansu 'yan ƙwallaye ne jere kamar tsakiya. Aikin ma'aikacin ɗakin gwaji shi ne ya fito da wannan ɗaya.

Hanyoyi biyu yake da su, kuma duka biyun a cikin abincin da yake ba ƙwayoyin suke. Ko dai ya haɗa abincin da zai hana wasu tsirowa ya bar wasu, wato abinci mai zaɓe. Ko kuma ya haɗa wanda kowa zai ci, amma kowa ya bar alamar da za a gane shi da ita, wato abinci mai bambancewa. Manomin shinkafa ya san na farko, domin yana fesa maganin da ke kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar shinkafar tsaye. Ya kuma san na biyu, domin in komai ya tsiro tare, da ganye yake gane shuka daga haki. Ɗalibai da yawa kan cakuɗa waɗannan ayyuka biyu, kuma farantin jini shi ne wurin da ya fi sauƙin ganin inda suka rabu.

Abin da ke cikin farantin

Farantin ɗan zagaye ne na roba ko gilashi mai murfi, faɗinsa santimita 9. Abin da ke cikinsa ja ne sosai, a daskare, mai santsi. Abubuwa uku aka haɗa: romon gina jiki da ɗan gishiri, sai aga mai daskarar da romon, sai jini.

Aga daga ciyawar teku ake samunsa, kuma shigowarsa wannan aiki daga kicin ne. A farkon shekarun 1880, a ɗakin binciken Robert Koch da ke Balin, da jelatin ake daskarar da romo. Jelatin kuwa yana narkewa a ɗumin jikin mutum, wanda shi ne ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so, wasu ƙwayoyin ma cinye shi suke yi. Fanny Hesse, matar likita Walther Hesse da ya yi aiki tare da Koch, ita ta ba da shawarar a gwada aga, domin ta san shi a girki. Aga ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, in ya narke kuma ba ya sake daskarewa sai ya sauko kusa da digiri 40, sannan kusan duk bakteriyar da ke sa cuta ba sa iya cin sa. A 1887 Julius Richard Petri ya fito da faranti mai murfin da har yau ake kira da sunansa.

Wannan tazara tsakanin 85 da 40 ita ta ba da damar yin farantin jini. A ce ana son rabin lita. Za a narka garin romo da aga a ruwa mai tsabta, a sa a tukunyar matsi ta kashe ƙwayoyi a digiri 121 na minti 15. Idan an sauke, sai a bari ya huce zuwa tsakanin digiri 45 da 50. A nan romon yana nan ruwa-ruwa, amma bai kai zafin da zai dafa jini ba. Sai a zuba mililita 25 na jinin tunkiya, wato kashi 5 cikin 100, a juya a hankali kada ya yi kumfa, a zuba wa kowane faranti kamar mililita 20. Rabin lita kan ba da faranti 25 ko kusa da haka.

Abin lura a nan shi ne, jajayen ƙwayoyin jinin suna shiga cikin aga da lafiyarsu, ba su fashe ba. Su ne suka sa farantin ya yi ja, ya kuma toshe haske, har in ka ɗora shi a kan jarida ba za ka iya karanta rubutun da ke ƙasa ba. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan ya dogara.

A farantin jini na yau da kullum babu wani abu da ke hana kowa tsirowa. Jinin ma ƙarin abinci ne ga ƙwayoyi masu tsirfa waɗanda ba sa tsirowa a romo zalla. Saboda haka farantin jini ba mai zaɓe ba ne ko kaɗan. Mai bambancewa ne.

Yaro mai ciwon maƙogwaro

A ce an kawo yaro ɗan shekara 8 da zazzaɓi, haɗiyar yawu na yi masa zafi, wuyansa ya yi kaluluwa, ba tari ba majina. Mafi yawan ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo shi, maganin kashe bakteriya ba ya yi masa komai, da kansa yake warkewa. Amma akwai wata bakteriya guda da likita ke tsoro, wadda a takardar sakamako ake buga sunanta *Streptococcus pyogenes*, ana kuma kiranta sitiref ta rukunin A. Ciwon maƙogwaron da take kawowa ma yakan tafi da kansa. Abin tsoron yana zuwa ne bayan mako biyu zuwa uku, lokacin da garkuwar jikin wasu yara ke juyowa ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Yaron da ya yi ciwon wuya na kwana huɗu sai ya girma da zuciya mai yoyo. Fenisilin na kwana goma yana tare wannan, shi ya sa ake son a sani.

Ana goga tsinken auduga a can bayan maƙogwaro da kan tsokoki biyun da ke gefensa, ana kauce wa harshe da kumatu don kada a ƙara yawan baƙi. A ɗakin gwaji sai a mirgina tsinken a gefe guda na faranti. Daga nan ma'aikaci ya ɗauki siririyar waya mai ɗan zobe a baki, ya ƙona ta a wuta har ta yi ja, ya bari ta huce, ya ja layuka daga wurin da aka shafa zuwa sashe na biyu. Ya sake ƙonawa, ya ja daga na biyu zuwa na uku, haka har na huɗu. Kowane ja yana rage yawan ƙwayoyin, har a sashen ƙarshe su faɗi ɗaiɗai, nesa da juna. Kafin ya rufe, ƙwararren ma'aikaci yakan caka wayar sau biyu ko uku cikin aga ɗin. Za mu ga dalili.

Sai a kifa farantin, murfi a ƙasa, don kada gumi ya ɗigo a kan shukar, a sa a injin ɗumi a digiri 35 zuwa 37. Ƙwayar da ta sami abinci da ɗumi rabuwa biyu take yi. In tana rabuwa duk rabin awa, cikin awa 10 ɗaya ta haura miliyan. Kafin gari ya waye, bayan awa 18 zuwa 24, kowace ƙwaya da ta faɗi ita kaɗai ta zama ɗan tsibi da ido ke gani, kuma duk abin da ke cikin tsibin zuriyar uwa ɗaya ce.

Da safe ma'aikaci ba kallon farantin daga sama kawai yake yi ba. Ɗaga shi yake yi sama, haske ya biyo ta bayansa, domin abin da yake nema ba tsibin ba ne, abin da ya faru da jinin da ke kewaye da shi ne. Abu uku zai iya gani.

Mafi yawan tsibin da ke farantin yaron nan ƙanana ne, kuma jinin da ke kewaye da su ya rikiɗe ya yi kore-kore mai duhu, kamar ya daɗe. Wannan shi ake kira alfa. Ƙwayoyin da ke yin haka suna fitar da sinadarin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, haidurojin feroksaid, shi ke sauya launin sinadarin da ke sa jini ja. Jajayen ƙwayoyin sun lalace amma ba su tarwatse ba, don haka wurin bai washe ba. A maƙogwaro waɗannan su ne 'yan gida, kowa na da su.

Wasu tsibin kuma jinin da ke kewaye da su yana nan yadda yake. Wannan shi ne gama, wato ba a taɓa jinin ba.

Amma can a sashe na uku akwai wasu 'yan mitsi-mitsi kamar kan allura, masu ɗan sheƙi, kowannensu yana zaune a tsakiyar wani da'ira da ta washe tas. Ja ya ɓace ɗungurungum, aga ɗin ya koma garai, haske na ratsa shi, kuma da'irar ta ninka tsibin faɗi sau biyu zuwa huɗu. In ka ɗora farantin a kan jarida, ta waɗannan tagogi za ka ga baƙaƙen rubutu. Wannan shi ne bita. Ƙwayar ta fitar da dafin da ke huda fatar jajayen ƙwayoyin jini, suka fashe, abin cikinsu ya watse.

Sitiref ta rukunin A dafi biyu gare ta masu wannan aiki. Ɗaya bai damu da iska ba, ɗayan kuma iskar oksijin na kashe masa ƙarfi. A saman faranti, inda iska ke bugawa, na farko ne kaɗai ke aiki sosai, kuma a wasu ƙwayoyin yana da rauni. A cikin ramin da aka caka da waya iska ba ta isa, dafin biyu su haɗu, sai wurin ya washe fiye da ko'ina. Ma'aikacin da ya manta caka aga zai iya kallon farantin da ke ɗauke da mai laifi ya ce bai ga komai ba.

Likitan Jamus Hugo Schottmüller ne ya fara amfani da jini wajen rarrabe waɗannan ƙwayoyi a 1903, sannan a 1919 James Howard Brown na Amurka ya tsara alamomin da sunayen alfa, bita da gama. Sama da shekara ɗari ke nan, kuma har yau da su ake fara karatun faranti a ko'ina a duniya.

Zargi ne, ba hukunci ba

A nan nake ganin an fi yin gaggawa. Da'ira mai haske ba ta faɗi sunan ƙwaya ba, ta dai nuna inda za a duba. Sitafilokokus oriyos, ƙwayar da ke kawo maruru, ita ma tana fasa jini. Akwai kuma 'yan'uwan sitiref na rukunin C da G masu yin bita iri ɗaya. Saboda haka a rana ta biyu ake ɗauko tsibi guda da ake zargi a yi masa tambayoyi.

Tambaya ta farko mai sauƙi ce. A ɗebo saman tsibin a sa a gilashi, a ɗiga masa haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Dangin sitafilokokus nan take suke tayar da kumfa, dangin sitiref kuwa shiru. Sai dai akwai tarko: jajayen ƙwayoyin jini su ma suna tayar da kumfar. In ma'aikaci ya nutsa waya ya haɗo da aga mai jini, zai ga kumfa ya sallami mai laifi. Hannu mai sauƙi ake so, a taɓa saman tsibi kaɗai.

Ba kumfa, sai a shuka tsibin shi kaɗai a sabon farantin jini, a ɗora ɗan ƙaramin zagayen takarda mai ɗauke da maganin basitirasin kaɗan ƙwarai, a mayar injin ɗumi. Washegari in an ga fili babu tsiro kewaye da takardar, to ƙwayar ba ta jure maganin, kuma wannan hali ne na rukunin A. Ga inda jibi ta fito. Ko wannan ma ba shi da cikakken tabbas, domin wasu 'yan rukunin C da G kan nuna haka. Ɗakin gwajin da ke da hali yakan tabbatar da gwajin da ke gane sukarin da ke jikin bangon ƙwayar, bisa tsarin rukunai da Rebecca Lancefield ta fitar a 1933.

Launin kore ma ba kullum ne alamar lafiya ba. A maƙogwaro ba a damu da shi ba, amma a majinar ƙirji ta mai ciwon huhu, ko a ruwan ƙashin bayan mai sanƙarau, tsibin alfa na iya zama numokokus, ɗaya daga cikin manyan masu kisan yara. A kan raba ta da 'yan gida da wata takardar mai suna oftocin: in filin da babu tsiro ya kai milimita 14, numokokus ce. Alama ɗaya, ma'ana biyu, ya danganta da inda aka ɗebo samfurin. Shi ya sa takardar da likita ke cikewa, wadda ke faɗin daga ina samfurin ya fito da abin da ake zargi, take da nauyi daidai da samfurin kansa.

Idan taron ya yi yawa

Komawa ga yaron. A ce ƙwayoyin rukunin A da tsinken ya kwaso kaɗan ne, 'yan gida kuwa dubbai. Kafin safiya sun rufe faranti, 'yan da'irorin haske biyu ko uku sun nutse a cikin kore. Bambancewa ba ta da amfani in ba a ga abin da za a bambance ba. A nan ake bukatar zaɓe.

Dabarar ita ce a zuba wani abu a cikin romon wanda ƙwayar da ake nema ke jurewa amma maƙwabtanta ba sa jurewa. Ga maƙogwaro akwai farantin jini da ake haɗawa da kotirimoksazol, maganin nan da aka fi sani da saftirin. A irin wannan faranti yana danne yawancin 'yan gida, rukunin A kuwa ta tsiro. Jinin yana nan, don haka da'irar bita za ta fito kamar dā, sai dai yanzu a fili mai sarari. Faranti ɗaya ya yi aiki biyu: magani ya zaɓa, jini ya bambance.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan shi ne gyambon ƙafar mai ciwon suga. Irin wannan ciwo da wuya a sami ƙwaya ɗaya a cikinsa, kuma sau da yawa akwai wata mai suna forotiyos. Ita ba ta zama wuri ɗaya ta yi tsibi. A farantin jini yaɗuwa take yi zobe bayan zobe, har ta lulluɓe farantin da wani siririn mayafi mai ƙarni, duk abin da ke ƙasa ya ɓace. Saboda haka ake shuka mugunyar a faranti fiye da ɗaya.

Don a fahimci abin da zai faru, sai an san cewa bakteriya sun kasu manyan gida biyu bisa ginin bangonsu, kamar yadda rinin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884 ke nunawa. Gida na farko bangonsu kauri ne, hawa ɗaya, suna riƙe shuɗin rini. Sitiref da sitafilokokus nan suke. Gida na biyu bangonsu siriri ne amma da wata fata mai maiƙo a waje, ba sa riƙe rinin. Forotiyos da yawancin ƙwayoyin hanji nan suke. Yawancin abinci mai zaɓe a kan wannan bambanci aka gina shi.

Faranti na biyu jini ne shi ma, amma an ƙara masa magunguna biyu, kolistin da asid na nalidiksik. Kolistin fatar nan ta waje yake yagawa, don haka gida na biyu yake kamawa, gida na farko ba su da abin da zai kama. Forotiyos tana jure kolistin, shi ya sa aka haɗa da na biyun, wanda ke hana ta hayayyafa. Da safe mayafin babu shi, sai ga manyan tsibi masu ruwan ƙwai, kowanne da siririyar da'irar haske: sitafilokokus oriyos, wadda take nan tun farko a ƙarƙashin mayafi.

Faranti na uku babu jini a cikinsa, kuma zaɓensa akasin na biyu ne. Alfred MacConkey ya haɗa shi a Ingila a farkon shekarun 1900. Ya lura cewa ƙwayoyin hanji sun saba da ruwan maɗaciya, tunda a cikinsa suke rayuwa, sai ya sa gishirin maɗaciya a abincin don ya tare waɗanda ba su saba ba. Ya kuma sa sukarin madara da wani rini mai komawa ja in ya ji tsami. Ƙwayar da ke cin sukarin madara tana fitar da tsami, tsibinta ya yi ruwan hoda. Wadda ba ta ci kuwa tsibinta ya fito fari-fari. A nan forotiyos ba ta iya yawonta, dole ta zauna ta yi tsibi, kuma ba ta cin sukarin madara, don haka ba launi. In akwai tsibi masu ruwan hoda a gefenta, to akwai ƙwaya ta uku a gyambon, wataƙila ikolai ko wata 'yar'uwarta.

Da faranti uku ma'aikaci ya san ƙwayoyi nawa ne, wane gida kowace take, kuma ya sami kowace ita kaɗai don a gwada maganin da zai kashe ta.

Amma zaɓe yana da farashi, kuma ya kamata a faɗa. Abin da aka hana tsirowa ba za a gan shi ba, ko da shi ne mai cutar. Maganin da ke danne maƙwabta yakan rage wa wadda ake nema gudu ita ma, har sai an ba faranti awa 48. Katangar kuma ba ta tare kowa, domin ƙwayar da ta saba da magani za ta tsallake. Don haka ba a shuka samfur a faranti mai zaɓe shi kaɗai. Kullum ana haɗawa da farantin jini na yau da kullum, wanda ke nuna taron gaba ɗaya.

Shi kansa farantin jinin ba kowa yake ciyarwa ba. Hemofilus, wadda ke cikin masu kawo sanƙarau ga ƙananan yara, tana bukatar wasu sinadarai biyu da ke kulle a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ita kuma ba ta iya fasa su. Sai an ɗumama jinin zuwa wajen digiri 80, ya fashe ya koma ruwan ƙasa, sannan take tsirowa. Wannan ake kira farantin cakulan saboda launinsa. An sami abinci mafi daɗi, amma an rasa bambancewa, tunda jinin da ya riga ya fashe ba zai nuna wanda ya fasa shi ba.

Inda aikin ke lalacewa

Yawancin kurakurai tun a wajen haɗa faranti suke farawa, kuma ido na iya kama su. In an zuba jini romon na da zafi, farantin zai yi duhu-duhu maimakon ja mai haske. In an bari ya huce da yawa, zai yi gudaji. Faranti mai kauri yana ɓoye bita, domin dafin ba ya ratsawa har ƙasa, mai siriri kuma yana sa alfa ta yi kama da bita. Kaurin da ake so wajen milimita 4 ne. In romon na da sukarin gulukos, fashewar jinin ba ta fita daidai. Ɗakin gwaji mai kula yakan ware faranti ɗaya daga kowane zubi ya kwana a injin ɗumi ba a shuka masa komai ba, don a ga ko ya gurɓata, ya kuma shuka sanannun ƙwayoyi a wasu don a tabbatar alfa ta fito alfa, bita ta fito bita. In wuta ta ɗauke da dare injin ya huce, tsibin za su fito ƙanana ba alama, kuma abin da ya dace shi ne a ƙara musu kwana, ba a rubuta sakamako ba.

Sai batun jinin kansa, wanda ya fi damuna. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da namu, ɗakunan gwaji da yawa jinin mutum suke zubawa, wanda wa'adinsa ya ƙare a ma'ajiyar jini, saboda shi ne a kusa kuma kyauta ne. Jinin mutum yana ɗauke da garkuwar mai shi, wani lokaci har da ragowar maganin da ya sha, kuma waɗannan na iya danne ƙwayar da ake nema. Tsibi kan fito ƙanana, da'irar ta fito a dushe, numokokus ma ta ƙi nuna kanta. Ga haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau ga mai haɗawa.

Abin takaicin shi ne maganin wannan yana ɗaure a bayan gidajenmu. Wani bincike da aka yi a Fiji aka wallafa a 2006 ya nuna cewa jinin tunkiya da aka tara a jakar ɗibar jini ta asibiti, mai sinadarin hana daskarewa, yana aiki sosai kuma ya fi na mutum. Wani kuma a 2009 ya nuna jinin tumaki masu gashi na ƙasashen zafi yana yin abin da na masu ulu ke yi. Balami da uda da 'yankasa duk masu gashi ne. Ba yanka tunkiyar ake yi ba, ta jijiyar wuya likitan dabbobi ke ɗiba, a bar ta ta huta makonni kafin a sake. Sharaɗin kawai ta kasance lafiyayya kuma ba a yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan ba. Tunda mililita 25 na isar faranti 25, 'yan tumaki kaɗan sun ishi babban asibiti.

Kuskure na ƙarshe daga wajenmu yake, mu marasa lafiya da iyayen yara. Wanda ya sayi amoksisilin a kemis ya ba yaro kwana biyu kafin ya je asibiti, ya riga ya yi nasa zaɓen a cikin jikin yaron. Ƙwayoyi masu rauni sun kwanta, tsinken auduga ya kwaso magani tare da samfur, faranti ya wayi gari babu abin da ake nema, a rubuta ba a ga komai ba alhali cutar na nan. In likita ya nemi kalca, a ba da samfur kafin a sha ƙwayar magani ta farko. In an riga an sha, a faɗa masa sunan maganin da ranar da aka fara. Sannan a koma jibi a karɓi sakamakon a kai masa, ko da yaron ya ji sauƙi.